Ƙullutu a Wuya: Abin da Likitan Hoto Ke Nema Kafin Ya Ce A Sa Allura

Na'urar sikanin ta zama ruwan dare a garuruwanmu. A da mai juna biyu kaɗai aka san ana yi wa wannan hoto, amma yanzu ciwon ciki, ciwon ƙoda, kumburin wuya, duk sai an ce a je a yi sikanin. Alheri ne babba, sai dai ya zo da wani sabon tashin hankali. Mutum zai je a duba masa wuya saboda ɗan kumburin da 'yar'uwarsa ta lura da shi, ko ma saboda wani dalili daban, ya fito da takarda mai cewa an ga ƙullutu biyu ko uku a tayirod ɗinsa. Kafin ya kai gida zuciya ta riga ta yanke hukunci cewa ciwon daji ne. Wani kuma ya ninke takardar ya jefa a aljihu, tunda abin ba ya yi masa ciwo. Dukansu biyu ba su san abin da likitan hoton ya gani ba, kuma ba kasafai ake zaunar da su a yi musu bayani ba.

Tayirod wata 'yar tsoka ce mai laushi da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, tana da ɓangaren dama da na hagu da siririn mahaɗi a tsakiya. Ita ke fitar da sinadarin da ke daidaita saurin aikin jiki, tun daga bugun zuciya har zuwa zafin jiki da narkewar abinci. Idan ta kumbura ta fito fili, shi ne maƙoƙon da kowa ya sani. Ƙullutu kuwa wani yanki ne a cikinta da ya fita daban da sauran naman, ya dunƙule wuri ɗaya. Abu ne mai yawan gaske. Idan da hannu za a lalubo, ana jin sa ga kusan mace biyar cikin ɗari da namiji ɗaya cikin ɗari. Amma idan aka ɗora na'urar sikanin a wuyan manyan mutane masu lafiya, ana iya samun sa ga kusan rabinsu, musamman mata da waɗanda shekaru suka ja. A cikin dukan ƙullutan nan, waɗanda ke zama ciwon daji ba su wuce bakwai zuwa goma sha biyar cikin ɗari ba. Ke nan mafi yawansu ba su da wata illa, kuma aikin likitan hoto shi ne ya tsamo 'yan tsirarun da suka cancanci a bi su da allura, ya bar sauran su zauna lafiya.

Kafin a kai ga hoton ma akwai gwajin jini guda ɗaya da bai kamata a tsallake ba, wanda ake rubutawa TSH a takarda. Idan ya fito ƙasa sosai, alama ce cewa tayirod na aiki fiye da kima, kuma mai yiwuwa ƙullutun ne da kansa ke zubo sinadarin babu ƙaƙƙautawa. Irin wannan ƙullutu mai zafin aiki da wuya ƙwarai ya zama ciwon daji, don haka hanyarsa daban ce: wani hoto ake yi da ke nuna wurin da ke aiki, sannan a yi maganin yawan aikin. Idan gwajin ya fito daidai ko sama, a nan ne maganar siffar ƙullutu da allura ke farawa.

Abin da ido ke bi a kan allo

Sikanin ba ya amfani da haske mai illa irin na hoton ƙashi. Sauti ne mai ƙarfin kaɗawa da kunne ba ya ji, na'urar ke aika shi cikin nama, ya dawo, ta mayar da shi hoto mai launin baƙi da toka da fari. Ruwa yana fitowa baƙi wuluk, saboda sautin ratsa shi yake yi ya wuce. Nama yana fitowa toka-toka. Abu mai tauri, irin ƙashi ko dasƙararren sinadarin kalsiyam, yana fitowa fari fat. Da waɗannan launuka uku kaɗai gwanin hoto ke karanta halin ƙullutu.

An daɗe kowane likita na bayyana abin da ya gani da irin kalmominsa, wannan ya ce a sa allura, wancan ya ce a bari. Don a kawo ƙarshen wannan saɓani ne aka fito da tsarin ba da maki mai suna TI-RADS. Likitoci a ƙasar Chile ne suka fara fito da sunan a 2009, sannan a 2017 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar da nata tsarin, wanda ya fi bazuwa. Turai na da nata mai suna EU-TIRADS, Koriya ta Kudu ma na da nata. Bambancinsu kaɗan ne, kuma zan bi na Amurkan ne a nan domin lissafinsa a fili yake, kowa na iya bin sa da alƙalami.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi tiryan-tiryan. A ce wata baiwar Allah ce mai shekara 42, ta lura da kumburi a gefen dama na wuyanta wanda ke hawa da sauka idan ta haɗiye yawu. Gwajin TSH ɗinta daidai. Aka yi mata sikanin, aka ga ƙullutu uku. Na dama, wanda ya kawo ta asibiti, santimita 3.2 ne. Akwai wani a ƙasansa mai santimita 2. Sai wani ƙarami a hagu, santimita 1.3, wanda ba ta taɓa jin sa ba, likitan da ya taɓa wuyan ma bai ji shi ba.

Tambayar farko ita ce: da me aka yi ƙullutun? Idan jakar ruwa ce zalla, ba ya samun maki ko ɗaya. Haka nan idan mai zubin soso ne, wato fiye da rabinsa 'yan ƙananan ramuka ne cike da ruwa. Waɗannan biyun kusan ba sa zama ciwon daji, kuma da zarar an tabbatar da su lissafi ya tsaya, ba a ƙara musu maki daga sauran siffofi. Idan rabi ruwa rabi nama ne, maki ɗaya. Idan nama ne curarre, maki biyu. Babban ƙullutun matar nan, wanda ya hana ta barci, mai zubin soso ne. Makinsa sifili, matakinsa TR1. Duk girmansa ba ya buƙatar allura. Sauran biyun kuwa nama ne curarre, kowanne ya tashi da maki biyu.

Tambaya ta biyu ita ce duhunsa. Likitan yana gwada launin ƙullutun da na lafiyayyen naman tayirod da ke kewaye da shi. Idan launinsu ɗaya, ko ƙullutun ya fi haske, maki ɗaya. Idan ya fi naman duhu, maki biyu. Idan duhun ya kai har ya zarce na tsokokin gaban wuya, waɗanda dama can masu duhu ne, maki uku. Dalilin da ya sa duhu ke ɗaga hankali shi ne, lafiyayyen tayirod cike yake da ƙananan jakunkuna masu ɗauke da wani ruwa mai danƙo, kuma bangon jakunkunan nan ne ke dawo da sauti ya ba da haske. Ƙwayoyin ciwon daji kuwa cunkushe suke, sun matse juna babu sarari, sai sautin ya rasa abin da zai dawo da shi sosai. Amma duhu shi kaɗai ba hujja ba ne, domin ƙullutai marasa illa da yawa su ma masu duhu ne. Ƙullutun matar na santimita 2 launinsa ɗaya da naman da ke kewaye, ya sami maki ɗaya, jimilla uku. Ƙaramin na hagu ya fi duhu, ya sami biyu, jimilla huɗu.

Daga nan sai tsayuwarsa, kuma wannan siffa ce da likitocin hoto ke ba muhimmanci ƙwarai. Ana ɗora na'urar a gicciye a kan wuya, a auna faɗin ƙullutun daga dama zuwa hagu, a kuma auna zurfinsa daga gaba zuwa baya. Ƙullutu mai lafiya yana bin shimfiɗar naman da ya tarar, ya baje a kwance, faɗinsa ya fi zurfinsa. Wanda ya miƙe ya nutsa ciki, zurfinsa ya fi faɗinsa, yana nuna cewa yana keta shimfiɗar nama maimakon ya bi ta. Wannan kaɗai maki uku ne. Ba kowane ciwon daji ne ke nuna wannan siffa ba, amma idan aka gan ta ba a wasa da ita. Ƙaramin ƙullutun matar nan zurfinsa ya fi faɗinsa, sai makinsa ya tashi daga huɗu zuwa bakwai.

Gefen ƙullutu shi ma yana magana. Mai santsi, wanda za ka iya bi da alƙalami ka zagaye, ba ya da maki. Mai kusurwoyi da tsinaye, ko mai tudu-tudu, maki biyu. Wanda ya fasa fatar da ta lulluɓe tayirod ya shiga tsoka ko ya manne wa bututun numfashi, maki uku. Akwai wani kuskure da ake yawan yi a nan. Gefen da ya dusashe, ba a ganin iyakarsa sosai, daban yake da gefe mai tsinaye, kuma tsarin bai ba dusashen maki ba. Wanda bai ƙware ba yana iya haɗa su, ya ɗaga ƙullutu mara laifi zuwa matakin da zai jawo masa allura. A misalinmu duk gefunan sumul suke.

Siffa ta ƙarshe ita ce fararen ɗige-ɗige a cikin ƙullutun, kuma a nan ne aka fi gane gwani. Babban farin dunƙule mai jefa inuwa a bayansa maki ɗaya ne. Farin da ya zagaye bakin ƙullutun maki biyu. Amma 'yan mitsi-mitsin ɗigo, waɗanda ba su kai milimita ɗaya ba kuma ba su da inuwa, idan suna cikin curarren nama, maki uku ne, domin sau da yawa ƙwayoyin kalsiyam ne da nau'in ciwon dajin tayirod mafi yawa a duniya, wanda ake kira fafilari, ke bari a jikinsa. Matsalar ita ce wancan ruwa mai danƙo idan ya dasƙare shi ma yana ba da farin ɗigo, sai dai nasa yakan ja wata 'yar wutsiyar haske a bayansa, kuma an fi ganin sa a cikin ruwa. Wannan alamar lafiya ce. Tsohuwar na'ura, ko wadda aka yi don duba ciki aka ɗora ta a wuya, ba za ta iya raba waɗannan biyun ba. Wuya yana buƙatar kan na'ura miƙaƙƙe mai ƙarfin kaɗawa, wanda aka yi don abin da ke kusa da fata. Ƙaramin ƙullutun matar yana da 'yan mitsi-mitsin ɗigon a cikin nama, babu wutsiya. Makinsa ya zama goma.

Inda girma ke shigowa

Idan aka haɗa maki, ƙullutu na faɗawa ɗaya daga matakai biyar. Sifili shi ne TR1, maki biyu TR2, kuma waɗannan biyun ba a sa musu allura, domin haɗarinsu bai kai biyu cikin ɗari ba. Maki uku TR3 ne, haɗarinsa bai wuce biyar cikin ɗari ba. Huɗu zuwa shida TR4 ne, tsakanin biyar da ashirin cikin ɗari. Bakwai zuwa sama TR5, wanda haɗarinsa ya haura ashirin cikin ɗari. Mai karatu ya lura da wannan sosai: ko TR5 ba hukuncin ciwon daji ba ne. Zargi ne mai ƙarfi da ya wajabta bincike.

Sai bayan an san mataki ake waiwayar girma, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce: iya munin siffa, iya ƙanƙantar girman da ake jira. TR3 sai ya kai santimita 2.5 ake ba da shawarar allura. TR4 santimita 1.5. TR5 santimita 1. Wanda bai kai ba amma ya kusa, ana sa masa ido da maimaita hoto.

Yanzu mu koma ga matar. Babban ƙullutun da ya tsorata ta an sallame shi. Na santimita 2 TR3 ne, bai kai 2.5 ba, don haka za a sake duba shi bayan shekara ɗaya, da uku, da biyar. Allurar za ta tafi ne ga ƙaramin na hagu, TR5 mai santimita 1.3, wanda ba don hoto ba da babu wanda zai san da zamansa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da a ce an bi tsohuwar al'ada ta laluben hannu, a soka allura a ƙullutun da ya fi fitowa, da sakamako ya fito lafiya lau, a sallame ta da murna, alhali ba a taɓa wurin da ya dace ba. Wannan ne dalilin da ya sa idan ƙullutai suka yi yawa a wuya, kamar yadda aka saba gani a maƙoƙo, ake zaɓen biyu mafi yawan maki a sa musu allura, ba biyu mafi girma ba.

Mai karatu na iya tambaya, to me ya hana a soka wa kowane ƙullutu allura a huta? Amsar tana Koriya ta Kudu. A 1999 ƙasar ta fara shirin binciken cututtukan daji ga jama'a. Tayirod ba ya cikin shirin, amma asibitoci suka riƙa ƙara sikanin wuya a kan kuɗi kaɗan. Zuwa 2011 adadin waɗanda ake cewa suna da ciwon dajin tayirod ya ninka na 1993 sau goma sha biyar, amma adadin masu mutuwa da cutar bai motsa ba. Abin da aka riƙa tonowa ƙananan fafilari ne waɗanda da yawansu mutum zai rayu ya tsufa da su ba tare da sun taɓa damun sa ba. Dubban mutane aka cire wa tayirod. Wasu suka koma shan magani kullum har ƙarshen rayuwa, wasu muryarsu ta dushe saboda an taɓa jijiyar murya, wasu kuma aka lalata musu ƙananan tsokokin da ke daidaita kalsiyam a jini. A Japan kuwa, asibitin Kuma da ke birnin Kobe ya fara tun 1993 yana bin masu ƙaramin fafilari, wanda bai wuce santimita ɗaya ba, da hoto kawai ba tare da fiɗa ba, aka ga mafi yawansu ba sa ƙaruwa. Iyakar girman nan da aka gindaya daga irin waɗannan darussa ta samo asali. Rashin sa allura ga ƙullutun da bai kai ba hukunci ne na ilimi, kada a ɗauke shi sakaci.

Abin da ke rushe lissafi

Maki jagora ne, kuma akwai abubuwan da ke gabansa. Mafi girma shi ne kaluluwar wuya. Hoton tayirod da bai duba gefunan wuya ba bai cika ba. Lafiyayyar kaluluwa doguwa ce, da farin layi a tsakiyarta. Idan ta zama kewayayya, farin layin ya ɓace, ko ruwa ya taru a cikinta, ko aka ga 'yan fararen ɗigo, to ita kanta za a sa wa allura, komai ƙanƙantar ƙullutun da ke tayirod. Haka nan ƙullutun da ya jingina da bututun numfashi, ko yake bayan tayirod inda jijiyar murya ke wucewa, ba lallai a jira ya cika santimita ɗaya ba.

Labarin mara lafiya ma yana sauya nauyin hoto. Muryar da ta dushe makonni ba tare da mura ba, ƙullutu mai tauri da ba ya motsi idan an haɗiye yawu, kumburin da ya yi girma cikin 'yan makonni, ciwon dajin tayirod a jikin uwa ko uba ko ɗan'uwa, ko kuma an taɓa gasa wa mutum wuya ko ƙirji da hasken maganin daji yana yaro, duk waɗannan suna sa likita ya matsa. An ga tasirin irin wannan haske bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, inda ciwon dajin tayirod ya ƙaru ƙwarai tsakanin waɗanda suke yara a lokacin. Yara da matasa ma daban ne. Ƙullutu ba ya yawa a wuyansu, amma idan ya fito haɗarinsa ya fi na babba, kuma tsarin makin nan don manya aka yi shi. Sannan maƙoƙon da ya kai ga toshe numfashi ko hana haɗiya maganarsa ta fiɗa ce, ko da hoto da allura sun wanke shi.

Akwai kuma wata iyaka da ta shafe mu kai tsaye, wadda nake ganin ba a faɗar ta yadda ya kamata. Siffofin nan masu ban tsoro, duhu da tsayuwa da ɗige-ɗige, kusan duk na fafilari ne. Akwai nau'i na biyu mai suna folikula, wanda ya fi yawa a wuraren da aka daɗe ana fama da ƙarancin sinadarin aidin a abinci. Yankinmu na cikinsu, shi ya sa aka wajabta sa aidin a gishiri a Najeriya tun farkon shekarun 1990, kuma rahotannin asibitocin koyarwa na ƙasar sun daɗe suna nuna folikula da kaso mai tsoka. Shi wannan nau'i yakan fito a hoto da kyakkyawar fuska: curarre, launinsa ɗaya da naman kewaye, gefensa sumul, a kwance. Wato TR3, irin ƙullutun matar nan na santimita 2. Saboda haka wanda aka ce masa ya dawo bayan shekara, ya dawo ɗin. Ana ɗaukar ƙullutu ya girma ne idan ya ƙaru da kashi ashirin cikin ɗari ta fuska biyu, kuma ƙarin ya kai aƙalla milimita biyu, ko kuma cikarsa gaba ɗaya ta ƙaru da rabi. Babu mai iya gane wannan sai da tsohuwar takarda a hannu. A adana ta.

Allurar kanta

A takarda za a ga an rubuta FNA ko FNAC. Ba fiɗa ba ce, ba a kwantar da mutum a asibiti, ba a kuma hana shi cin abinci. Zai kwanta rigingine, a sa matashi ƙarƙashin kafaɗunsa don wuya ya miƙe, a goge fata, wani lokaci a sa 'yar allurar kashe zafi. Allurar da ake amfani da ita ta fi ta ɗiban jini siranta. Likitan yana kallon tsininta a allo har ya shiga daidai wurin da ake zargi, ya ɗan motsa ta na 'yan daƙiƙoƙi, ya zare. Akan maimaita sau biyu zuwa huɗu. Abin da ake so daga mara lafiya shi ne kada ya haɗiye yawu ko ya yi magana lokacin da allura ke ciki, kuma ya faɗa tun farko idan yana shan maganin tsinka jini. Abin da yakan biyo baya bai wuce ɗan tsami ko ɗan taruwar jini na kwana ɗaya ko biyu ba.

Na san tsoron da ke zukatan mutane, cewa idan ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu. Game da siririyar allurar nan a tayirod, hakan abu ne da da ƙyar ake samun sa, kuma bai kai ya hana bincike ba. Abin tsoro na gaske shi ne kai wuya a yi masa sakiya ko tsaga a gida. Manyan hanyoyin jinin da ke zuwa kai suna dab da tayirod, kuma babu ƙullutun da tsaga ke narkarwa.

Abin da aka zuƙo ana shafa shi a gilashi, a rina, likitan duba ƙwayoyin jiki ya sa shi a madubi. Sakamakon yana fitowa a tsarin Bethesda mai aji shida. Aji na ɗaya na nufin ba a samu isassun ƙwayoyi ba. Ƙa'idar ita ce a ga aƙalla gungu shida, kowanne da ƙwayoyi goma. Wannan ba wankewa ba ce, sai an sake. Aji na biyu lafiya, kuma shi ne mafi yawan sakamako. Na biyar zargi mai ƙarfi, na shida tabbaci. Na uku da na huɗu ne masu wuyar sha'ani. A na uku akan sake allurar. A na huɗu kuwa allura ta kai iyakarta, domin ƙwayoyin folikula mai illa da mara illa kamarsu ɗaya a madubi. Abin da ke raba su shi ne ko ƙullutun ya huda fatarsa ko ya shiga hanyar jini, kuma ba a ganin wannan sai an ciro shi ɗungurungum. Shi ya sa ake ba da shawarar cire rabin tayirod, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa haka sakamakon ƙarshe yakan nuna babu ciwon daji.

Ga matar misalinmu hanya biyu ce a gaba. Idan sakamako ya fito aji na shida, fafilari mai santimita 1.3 da bai taɓa kaluluwa ba, sau da yawa cire ɓangaren hagu kaɗai ya wadatar, kuma fiye da mutum casa'in cikin ɗari masu wannan nau'i suna nan da ransu bayan shekara goma. Idan kuma ya fito aji na biyu, ba a rufe littafi nan take, domin hoto da allura sun saɓa wa juna. Za a sake hoton da allurar cikin shekara guda.

Duk wanda aka miƙa wa takardar sikanin wuya, ya duba ko an rubuta girman kowane ƙullutu ta fuska uku, da ɓangaren da yake, da matakinsa na TI-RADS, da halin kaluluwar wuya. Takardar da ta tsaya ga cewa an ga ƙullutai kawai ba ta isa a yanke hukuncin allura ko na fiɗa a kanta ba, kuma haƙƙin mara lafiya ne ya nemi a sake hoton wurin ƙwararren likitan hoto. Idan an ce a sa allura, ya tambayi wane ƙullutu ne, me ya sa shi, kuma ya nemi a yi ta ana kallon allo. Idan an ce ba a buƙata, ya tambayi ranar da zai dawo, ya rubuta ta, ya zo da tsohuwar takardarsa.